Yadda Ake Tsara Tambayar Tarihi Mai Sa Ɗalibi Ya Auna Sahihancin Takarda da Manufarta

Akwai wata tambaya da na daɗe ina rubutawa a ƙarƙashin takardun tarihi kafin in gane cewa ita ke ɓata mini aiki: "Shin wannan takarda abin dogaro ce? Kawo dalilanka." Ranar da na farga, ina zaune ne da tarin amsoshi a gabana, ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, kusan duk bakinsu ɗaya. "Ba abin dogaro ba ce, domin wanda ya rubuta ta yana da son zuciya." Waɗanda suka ɗauki ɗaya ɓangaren kuma sun ce abin dogaro ce tunda a lokacin da abin ya faru aka rubuta ta. Na rasa inda zan kama su da laifi, tunda sun amsa abin da na tambaya. Amma da na cire takardar na sa wata daban, amsoshin nan za su zauna daram, ko waƙafi ba sai an canja ba. Ma'ana ɗaliban ba su ma buƙaci karanta ta ba.

Laifin na tambayar ne. Babu takardar da take abin dogaro a kan komai, babu kuma wadda ba ta da amfani sam. Ko maƙaryaci, idan ka saurare shi da kyau, zai nuna maka abin da yake so mutane su yarda da shi, wannan kuwa shaida ce mai zaman kanta. Saboda haka duk tambayar sahihanci sai ta faɗi a kan me ake son a dogara da takardar. Sauran matakan da ke ƙasa duk daga nan suka taso. Zan bi su da takarda guda, saƙon tangarahon Zimmermann na 1917, domin a ga yadda kowane mataki yake a aikace.

Zaɓen takarda

Takardar da ta dace da irin wannan tambaya ita ce wadda ka san wanda ya rubuta ta, da wanda aka rubuta wa, da lokacin, kuma akwai abin da marubucin yake nema da ita. Guntun bayani daga littafin karatu bai cika yin aiki ba, don ba shi da wani mutum takamaimai da yake ƙoƙarin shawo kansa. Wasiƙa, jawabi, rahoton jakada, sanarwar gwamnati, sharhin jarida, waɗannan su ne masu nama a jiki. Abu na biyu, ta kasance a cikin darasin da ka riga ka koyar, domin ɗalibi ba zai iya auna magana da ma'aunin da ba shi da shi ba. Na uku kuma, wanda aka fi mantawa da shi: ta kasance tana da ƙarfi a wani wuri, tana da rauni a wani. Takardar farfaganda tsagwaronta takan jawo amsa mai arha, kowa ya ce ƙarya ce ya wuce.

Saƙon Zimmermann ya cika duka ukun. A ranar 16 ga Janairu 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sakataren harkokin wajen Jamus, Arthur Zimmermann, ya aika da saƙo cikin lambobin sirri zuwa ga wakilin Jamus a Meksiko, Heinrich von Eckardt. Saƙon ya bi ta hannun jakadan Jamus a Washington, Johann von Bernstorff, wanda ya tura shi gaba ranar 19 ga watan. Ga abin da ya ƙunsa a taƙaice. Jamus za ta soma kai hari da jiragen ƙarƙashin teku ba tare da ƙaidi ba daga 1 ga Fabrairu. Za ta yi ƙoƙarin ganin Amurka ta ci gaba da zama 'yar ba-ruwanmu. Idan hakan bai yiwu ba, to a yi wa Meksiko tayin ƙawance: a yi yaƙi tare, a yi sulhu tare, Jamus ta ba da tallafin kuɗi mai tsoka, Meksiko kuma ta ƙwato yankunan da ta rasa a Teksas, Niyu Meksiko da Arizona. A sanar da shugaban Meksiko wannan a asirce da zarar an tabbatar yaƙi da Amurka zai ɓarke, a kuma ba shi shawarar ya jawo Japan. A ƙarshe saƙon ya ce a nuna masa cewa jiragen ƙarƙashin tekun za su tilasta wa Ingila neman sulhu cikin 'yan watanni.

Ka san labarinta fiye da abin da za ka tambaya

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya ta tambaya, ka zauna ka bi sawun takardar daga hannun marubucinta zuwa hannunka. Masu nazarin hadisi sun daɗe da raba aikin nan gida biyu, isnadi da matani: ta hannun su wa maganar ta biyo, sannan me maganar ta ce. Malamin tarihi ma haka zai yi, kuma sau da yawa a isnadin ake samun tambaya mafi daɗi.

A misalinmu, masu fasa rubutun sirri na sojan ruwan Birtaniya, waɗanda aka sani da Ɗaki na 40, su suka kama saƙon suka warware shi. Amma ba su yi gaggawar bayyana shi ba. Tun farkon yaƙin Birtaniya ta datse wayoyin Jamus na ƙarƙashin teku, sai Amurka ta bar Jamus tana amfani da layinta na diflomasiyya, layin kuwa ta Birtaniya yake ratsawa. Idan Birtaniya ta ce ga inda ta samo saƙon, ta tona wa kanta asiri cewa tana leƙen wayar Amurka, ta kuma sanar da Jamus cewa an fasa lambobinta. Sai suka nemo kwafin da aka tura daga Washington zuwa birnin Meksiko, domin a ɗauka can aka samo shi. A ƙarshen Fabrairu aka miƙa wa jakadan Amurka a Landan, Walter Page. Jaridun Amurka suka buga shi ranar 1 ga Maris. Mutane da dama suka ce ƙirƙirar Birtaniya ce don ta ja Amurka cikin yaƙi, har sai da Zimmermann da bakinsa ya amsa cewa nasa ne, ranar 3 ga Maris. Ranar 6 ga Afrilu Amurka ta shelanta yaƙi a kan Jamus.

Ka lura da abin da wannan bin sawu ya fito da shi. Takarda ɗaya ce, amma manufa uku ke rataye da ita: ta Zimmermann da ya rubuta, ta Birtaniya da ta miƙa, da ta gwamnatin Amurka da ta saki wa jaridu. Idan ka rubuta "Mece ce manufar wannan takarda?" kawai, ɗalibai uku za su iya ba ka amsa uku mabambanta, duka daidai, kai kuma amsa ɗaya ka tanada. Tun a nan za ka yanke shawarar manufar wa kake tambaya.

Yanka da fassara

Takardar jarrabawa ba ta ɗaukar dogon rubutu. A ganina kalmomi 120 zuwa 200 sun isa ga ɗaliban sakandare, abin da za a karanta sau biyu cikin minti biyar. Saƙon Zimmermann gajere ne, ana iya ba da shi kusan dukansa. Amma idan za ka yanke, ka yi hattara da abin da kake zubarwa. Jimlar nan da ta ce "idan hakan bai yiwu ba" ita ce ƙashin bayan saƙon. Cire ta, sai takardar ta koma kamar Jamus na shirin afka wa Amurka kai tsaye, alhali a rubuce tayin yana da sharaɗi. Malamin da ya yanke ta ya canja shaidar ke nan, sannan ya ce ɗalibi ya auna ta. Duk inda ka cire wani abu ka sa ɗigo uku don a sani, kada kuma ka haɗa jimloli biyu da ke nesa da juna kamar a jere suke.

Fassara ma wurin zamewa ce. Kalmar da aka yi amfani da ita kan yankunan nan tana nufin sake ƙwato abin da aka rasa. Idan ka fassara ta da "mamaye", ka goge dabarar marubucin, domin da gangan yake sosa wa Meksiko inda ke mata ƙaiƙayi, wato ƙasar da ta rasa a hannun Amurka, wadda yarjejeniyar sulhu ta 1848 tsakanin ƙasashen biyu ta tabbatar. Kalmomi masu zafi ka bar su da zafinsu, masu laushi ka bar su da laushinsu. Idan akwai kalma mai wuya, ka yi mata bayani a ƙasa cikin 'yan kalmomi, kuma bayanin ya tsaya a ma'ana, kada ya shiga sharhi. A rubuta a fili cewa fassara ce.

Layin asali

Wannan shi ne ɗan bayanin da ake sawa a sama ko ƙasan takarda, kuma a nan na fi ɓata lokaci, fiye da kan tambayoyin kansu. Abubuwa biyar yake ɗauka: wane ne ya rubuta da muƙaminsa, wa aka rubuta wa, yaushe, wace irin takarda ce, sannan a ɓoye take ko don jama'a. Duba waɗannan uku.

Na farko: "Saƙon Zimmermann, 1917." Wannan ya yi kaɗan. Ɗalibi ba shi da abin kamawa, sai ya koma ga haddar da ya zo da ita.

Na biyu: "Saƙon makirci da Jamus ta aika don yaudarar Meksiko ta shiga yaƙin da ba za ta iya ci ba." Wannan kuma ya amsa tambayar tun kafin a yi ta. Ɗalibi mai wayo zai kwafe layin ya mayar maka, kuma ba ka da bakin hana shi maki.

Na uku: "Saƙon tangaraho na sirri daga Arthur Zimmermann, sakataren harkokin wajen Jamus, zuwa ga wakilin Jamus a Meksiko, Janairu 1917. Birtaniya ta kama saƙon ta miƙa wa Amurka, jaridun Amurka suka buga shi ranar 1 ga Maris 1917." Wannan ne daidai. Babu sifa ko ɗaya mai yanke hukunci, amma kowace gaɓa tana da abin da za a iya ja: sirri ne, daga shugaba ne zuwa ga na ƙasa da shi, kafin Amurka ta shiga yaƙi ne, kuma ta hannun abokiyar gaba ya fito.

Saura shawara ɗaya: za ka faɗi cewa Zimmermann ya amsa saƙon nasa ne, ko za ka yi shiru? Ya danganta da abin da kake nema. Sahihanci iri biyu ne, ɗalibai kuma suna yawan cakuɗa su. Akwai tambayar ko takardar ta gaske ce ko jabu, akwai kuma tambayar ko abin da ta faɗa gaskiya ne. Takarda tana iya zama ta gaske, da sa hannun mai ita, amma cike da zuƙi ta malle. Idan iri na biyu kake so, to ka sa amincewar Zimmermann a layin asali, ka rufe ƙofar jabu, don kada rabin aji su ƙare lokacinsu a can. Idan kuwa na farko kake so, ka mayar da ɗalibin ranar da ba a sani ba tukuna: "Me ya sa Ba'amurken da ya karanta wannan saƙo a jarida ranar 1 ga Maris 1917 zai iya shakkar ingancinsa?" Tambaya ce mai kyau ƙwarai, domin tana tilasta masa ya ajiye abin da ya sani ya faru daga baya.

Tambayar manufa

Kafin ta, ka sa ƙaramar tambaya ta fahimta mai maki biyu ko uku, misali "Kawo abubuwa biyu da Jamus ta yi wa Meksiko tayinsu." Amfaninta ta sa kowa ya karanta takardar, kai kuma ta nuna maka wanda matsalarsa ta karatu ce tun daga tushe. Kada ta wuce haka.

Manufa tana da ƙafa uku: wa ake yi wa magana, me ake so ya yi ko ya yarda da shi, kuma me ya sa a wannan lokacin. Ɗalibai sukan tsaya a abin da takarda ta ce, su ɗauka shi ne manufa. "Manufarsa ita ce ya sanar da Meksiko cewa Jamus za ta kai hari da jiragen ruwa." Wannan saƙo ne, bai kai manufa ba. Manufa sai an kai ga abin da marubucin yake so ya faru bayan an karanta. Hanyar da za ka tura su can ita ce ka sa suna da lokaci a cikin tambayar:

"Me ya sa Zimmermann ya aika da wannan saƙo a Janairu 1917? Yi amfani da abin da ke cikin saƙon da kuma abin da ka sani game da halin da yaƙin yake ciki."

Kalmomin "a Janairu 1917" su ke ɗauke da nauyin. Amsa mai kyau za ta ce Jamus ta riga ta yanke shawarar komawa ga harin ƙarƙashin teku, ta san hakan zai iya jawo Amurka, don haka tana neman wanda zai ɗauke wa Amurka hankali a kan iyakarta ta kudu, sojoji da makamai su tsaya can maimakon su tsallaka Turai. Ɗalibin da ya yi karatu zai ƙara da cewa a lokacin sojojin Amurka ƙarƙashin Janar Pershing suna cikin Meksiko tun Maris 1916 suna farautar madugun 'yan tawayen Meksiko Pancho Villa, saboda haka akwai jiƙaƙƙiya tsakanin ƙasashen biyu da Jamus ke fatan cin moriyarta.

Wata hanyar kuma, wadda na fi so ga aji mai ƙarfi, ita ce ka ɗauki jimla guda ka tambayi aikinta: "Me ya sa Zimmermann ya rufe saƙon da cewa Ingila za ta nemi sulhu cikin 'yan watanni?" Ba a haddace amsar wannan. Sai ɗalibi ya gane cewa jimlar, ko da yake Eckardt ne zai fara karanta ta, shugaban Meksiko Venustiano Carranza aka yi wa ita, kuma aikinta ta kwantar masa da hankali cewa ɓangaren da zai shiga shi ne mai nasara.

Tambayar sahihanci

A nan za a ga amfanin faɗin "a kan me". Ka ɗauki takarda ka rubuta wa kanka abubuwa uku ko huɗu da mai bincike zai iya neman sani daga wannan saƙo, ka auna kowanne kafin ka zaɓa.

A kan shirin gwamnatin Jamus a Janairu 1917, saƙon shaida ce mai ƙarfi. Umarni ne na sirri daga mai ofishin zuwa ga wakilinsa, ba a rubuta shi don jarida ba, kuma ranar da ya ambata ta tabbata, an soma harin 1 ga Fabrairu. A kan ƙarfin jiragen ƙarƙashin tekun Jamus kuwa, rauni gare shi. Jimlar talla ce ga wanda ake zawarci, kuma Ingila ba ta nemi sulhu ba, Jamus ce ta sa hannu a tsagaita wuta a Nuwamba 1918. A kan ra'ayin Meksiko, bai ce komai ba. Babu muryar ɗan Meksiko ko ɗaya a ciki, kuma Meksiko ba ta shiga yaƙin ba. Takarda ɗaya ke nan, hukunci uku.

Tambayar da ta fi ba da fili ita ce wadda ta faɗa tsakiya, inda za a iya ja ta nan a ja ta can:

"Har zuwa wane matsayi mai nazarin tarihi zai dogara da wannan saƙo wajen sanin niyyar Jamus game da Amurka a farkon 1917? Yi la'akari da wanda ya rubuta shi, wanda aka rubuta wa, abin da ya ƙunsa, da abin da ka sani."

Ɗalibi yana iya cewa saƙon ya nuna Jamus ta fi son Amurka ta zauna a gefe, tunda a asirce ma haka ta faɗa, inda ba ta da wanda take yi wa fuska biyu. Wani kuma ya ce wanda ke son zaman lafiya da maƙwabci ba ya raba ƙasarsa a takarda, kuma shawarar harin kanta ta nuna an riga an sallama da yaƙin. Wanda ya zurfafa zai kawo cewa a farkon Fabrairu, bayan Amurka ta yanke hulɗar jakadanci da Jamus ranar 3 ga watan, Zimmermann ya sake aika wa Eckardt cewa ya gabatar da tayin ba sai an jira yaƙi ba, abin da ke rage wa sharaɗin nan nauyi. Zai kuma iya cewa saƙon murya ce ta ofishi ɗaya, alhali a lokacin manyan hafsoshi irin su Hindenburg da Ludendorff ke da ta cewa a harkar yaƙin.

Ka guji kalmar "son zuciya" a cikin tambayar. Da zarar ka rubuta "Nuna son zuciyar marubucin", ka gaya musu hukuncin, ka kuma koya musu cewa gano son zuciya shi ne ƙarshen aiki. Haka nan kada ka haɗa manufa da sahihanci da amfani a jimla ɗaya mai maki goma. Za su amsa wadda ta fi sauƙi su bar sauran.

Idan kana da lokacin takarda ta biyu, ga wadda ta dace: jawabin Shugaba Woodrow Wilson ga majalisar dokokin Amurka ranar 2 ga Afrilu 1917, inda ya nemi a shelanta yaƙi, ya kuma ambaci saƙon a matsayin hujjar cewa Jamus na neman tayar wa Amurka da maƙiya a bakin ƙofarta. Sai ka tambaya: "Wilson bai ambaci sharaɗin da ke cikin saƙon ba. Shin wannan ya sa jawabinsa ya zama ba abin dogaro ba wajen sanin dalilan shigar Amurka yaƙi?" Takardu biyu sun isa. Daga uku zuwa sama jarrabawar ta koma ta saurin karatu.

Tsarin ba da maki

Ka rubuta shi a rana ɗaya da tambayar, kafin ka ga amsar kowa. Kada ka yi shi a matsayin jerin abubuwan da ake ba kowanne maki ɗaya, domin hakan yana saka wa mai zuba bayani barkatai. Ka yi shi hawa-hawa, gwargwadon zurfin tunani. Ga yadda nake raba maki takwas na tambayar sahihancin da ke sama.

Maki 1 zuwa 2 na wanda ya maimaita abin da saƙon ya ce, ko ya kawo hukuncin hadda irin "Bajamushe ne, don haka zai kare ƙasarsa." Maki 3 zuwa 4 na wanda ya yi amfani da layin asali ko abin da ke cikin saƙon, ɗaya daga ciki, ya ba da dalilin da ya shafi wannan takarda ita kaɗai. Misali: "Saƙon sirri ne ga wakilinsa, ba shi da dalilin ɓoye masa shirin da shi zai aiwatar." Maki 5 zuwa 6 na wanda ya ɗaura asalin a kan wata jimla takamaimai, ya kuma gwada ta da abin da ya sani daga waje. Maki 7 zuwa 8 na wanda ya rarrabe, ya ce a nan za a dogara da shi, a can ba za a dogara ba, ga dalili, sannan ya tsaya a kan hukunci game da abin da aka tambaya, wato niyyar Jamus.

Abin da ke raba hawa na ɗaya da na biyu gwaji ne mai sauƙi: ɗauki jimlar ɗalibin ka ɗora ta a kan wata takarda daban. Idan ta zauna lafiya, hadda ce. Ka kuma rubuta a ƙasan tsarin cewa hukuncin da ya saɓa wa naka yana iya samun cikakken maki muddin an kafa shi da hujja. Wannan layi yana da amfani musamman idan ba kai kaɗai za ka duba amsoshin ba. Kusa da kowane hawa ka ajiye jimlar misali ɗaya, domin "ya yi nazari mai zurfi" kowane malami da yadda yake fahimtarsa.

Gwaji kafin a buga

Gwaji uku nake yi. Na farko, in rufe takardar da tafin hannu in karanta tambayar. Idan zan iya samun rabin makin tambayar ba tare da na buɗe ba, tambayar ta zama ta tuna darasi, sai in ƙara mata abin da zai ɗaure ta da wata jimla a ciki. Na biyu kishiyarsa ne: in ɗauka ban san komai game da 1917 ba. Idan zan iya kai wa hawa na sama da takardar kaɗai, to fahimtar karatu nake gwadawa, tarihi bai shigo ba. Na uku, in amsa da kaina da agogo a gabana, in ninka lokacin da na ɗauka sau biyu ko uku, shi ne na ɗalibi. Tambaya mai maki takwas takan ci minti goma sha biyu zuwa sha biyar, ban da na karatu.

Bayan haka sai in ba wani abokin aiki ya amsa ba tare da ya ga tsarin makin ba. Karon farko da na gwada tambayar manufa a kan wannan saƙo, na rubuta ta ne haka: "Me ya sa aka fitar da wannan saƙo?" Abokin nawa ya cika rabin shafi a kan yadda Birtaniya ke neman jawo Amurka cikin yaƙi, amsa mai kyau, ni kuwa tsarin makina gaba ɗaya a kan Zimmermann da Meksiko yake. Kalmar "fitar" ce ta raba mu, shi ya ɗauke ta a matsayin bugawa a jarida, ni ina nufin aikawa. Na mayar da ita "Me ya sa Zimmermann ya aika", na ƙara watan da shekarar, amsarsa kuma na ajiye ta ta zama misalin hawa na sama ga wata tambaya dabam a kan dalilin da ya sa Birtaniya ta miƙa saƙon a ƙarshen Fabrairu.